Yadda za a taƙaita abin da yaro zai sauke ko ya kalla a wayar da duk gida ke amfani da ita

Tambayar da iyaye suka fi aiko mana daga Aboabo, Asawase da Sawaba a 'yan kwanakin nan kusan iri ɗaya ce: waya ɗaya ce a gidan, da ita ake karɓar kuɗin MoMo, da ita ake gaisawa da dangi a WhatsApp, ita ce kuma yara ke rububi da zarar sun dawo daga makaranta, to yaya za a yi a hana su sauke abin da bai dace ba, ko kallon abin da ba na shekarunsu ba, ba tare da an hana mai wayar gudanar da harkokinsa ba? Wannan jagora ta ginu ne a kan wayar Android, irin su Tecno, Infinix, itel da Samsung, domin su ne suka fi yawa a hannun jama'a a nan Kumasi, sai dai akwai ɗan bayani a kan iPhone can gaba.

Abu ɗaya ya kamata a riƙe tun daga farko. Kusan duk wani shinge da ke cikin wayar, makunni ne da ake kunnawa, kuma wanda ya isa wurinsa zai iya kashe shi. Saboda haka jerin matakan yana da muhimmanci ƙwarai: sai an fara tsare lambobin sirri da ƙofar Settings, sannan sauran matakan za su yi amfani. Wanda ya fara daga YouTube ya bar Settings a buɗe, ya yi aikin baban giwa.

Domin bayanin ya zauna, za mu bi misali guda har ƙarshe: uwa mai sayar da waakye, wayarta Infinix ce, tana da yarinya 'yar shekara 6 da yaro ɗan shekara 11, kuma daga bayan la'asar zuwa magariba wayar a hannunsu take yayin da ita take haɗa kayan girkin gobe.

Abin da ake bukata da abin da za a kashe

Duk abin da za a yi a nan kyauta ne. Babu kuɗin rajista, babu kuɗin wata, kuma ba sai an kai wayar Adum an biya wani ya saita ba. Abin da zai ci shi ne ɗan data na sauke YouTube Kids, da Family Link, manhajar Google ta kula da asusun yara, ga wanda zai bi mataki na 7. A tanadi kalmar sirrin asusun Google da ke kan wayar, da takarda da biro, da kamar sa'a guda wadda yara ba sa kusa. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba wasa ba ne, domin yaro ɗan shekara 11 yana iya haddace lamba huɗu daga motsin yatsa kawai, ko da yana zaune a can gefen tabarma.

Sunayen wurare a cikin Settings suna bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har ma daga sabuwar waya zuwa tsohuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe Settings, a taɓa alamar bincike da ke sama, a rubuta sunan da aka bayar a nan kamar yadda yake, wayar za ta kai mutum wurin da kanta.

Mataki na 1: Sabunta makullin allo

A shiga Settings, a nemi Security ko Screen lock, a sauya lambar buɗe waya zuwa sabuwa mai lamba shida. Zanen da ake ja da yatsa ba shi da ƙarfi a gidan da akwai yara, domin ana ganinsa daga nesa, kuma maiƙon yatsa yakan bar sawunsa a kan gilashi.

Daga nan a buɗe Fingerprint a ƙirga yatsun da aka yi wa rajista. Idan mai waya ta san yatsa biyu ta saka amma ta ga uku, to na ukun na wani ne, a goge shi. A yi haka ma a Face unlock. Iyaye da yawa sukan sauya lamba su manta da wannan, sai su yi ta mamakin yadda wayar ke buɗewa yaro.

Gargaɗi: kada a yi amfani da lambar sirrin MoMo a matsayin lambar allo ko ta kowane shinge da za a saka a gaba. Waɗannan lambobi ana danna su a gaban yara sau da yawa a rana, kuma ranar da yaro ya kama ɗaya, bai kamata ta zama ita ce ke buɗe *170# ba. Shekarar haihuwa da lambobi huɗu na ƙarshen lambar waya su ma ba su dace ba, domin su ne farkon abin da yaro zai gwada. A rubuta sababbin lambobin a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun gida.

Mataki na 2: Share abin da ya riga ya shiga

Shingen Play Store da za a kunna a mataki na gaba ba ya taɓa manhajojin da suka riga suka sauka. Duk wasan da ke kan wayar jiya zai ci gaba da buɗewa gobe, ko da na manya ne. Don haka a shiga Settings, sai Apps, a bi jerin tun daga sama har ƙasa, a cire duk abin da ba a san shi ba ko ba a yarda da shi ba. A bi ta nan ɗin, kada a dogara da abin da ke bayyane a fuskar waya, domin wayoyi da yawa suna ba da damar ɓoye alamar manhaja, kuma yara sun fi iyayensu sanin wannan. A lura musamman da manhajojin caca na ƙwallo, waɗanda doka a Ghana ta keɓe wa 'yan shekara 18 zuwa sama, da manhajoji masu VPN a sunansu, da wata burauza ta biyu da ba mai waya ce ta saka ba.

Mataki na 3: Shingen Play Store

A buɗe Play Store, a taɓa hoton asusu da ke sama ta hannun dama, a zaɓi Settings, sai Family, sai Parental controls. A kunna makunnin. Wayar za ta nemi a ƙirƙiri lamba huɗu, a maimaita ta. Bayan haka a taɓa Apps & games, za a ga matakan shekaru: 3+, 7+, 12+, 16+ da 18+. Matakin da aka zaɓa shi ne iyaka, duk abin da ya wuce shi ba zai sauku ba. A taɓa Save kafin a fita, in ba haka ba zaɓin ba zai zauna ba.

A misalinmu, uwar za ta zaɓi 7+, domin ƙaramar cikin yaran ce ma'auni a wayar da ake tarayya. Wannan zai hana sauke TikTok da Facebook, waɗanda suke a matakin 12+, kuma idan ita kanta ta bukaci wata manhaja ta manya, sai ta shigar da lambar, ta ɗaga iyakar, ta sauke, ta mayar da ita yadda take.

Akwai iyakoki biyu da ya wajaba a sani, kuma a ganina rashin saninsu ne ya sa mutane da yawa suke cewa shingen ba ya aiki. Na farko, wannan shinge yana tace manhajoji ne bisa shekaru, ba ya hana saukewa gaba ɗaya. Yaro zai iya cika wayar da wasanni ashirin na matakin 3+, su cinye data da ma'ajiya, tallace-tallacen da ke cikinsu kuma ba lallai su dace da shi ba. Na biyu ya fi tsanani: duk wanda ya shiga Settings, ya buɗe Apps, ya zaɓi Google Play Store, ya taɓa Storage sannan Clear data, ya goge shingen da lambarsa baki ɗaya. Wannan ita ce hanyar da Google ya tanada domin wanda ya manta lambarsa, kuma bidiyon da ke koyar da ita ba su da wuyar samu. Alamar cewa an yi hakan ita ce a koma Parental controls a tarar da makunnin a kashe, babu wanda ya tambayi lamba. Mataki na 5 ne maganin wannan.

Kafin a bar Play Store, a tsare saye. A taɓa hoton asusu, a shiga Payments & subscriptions, a nemi Purchase verification, a zaɓi Always. A tsofaffin wayoyi yana ƙarƙashin Settings, sai Authentication. Da wannan, duk wani saye a cikin wasa sai an tabbatar da kalmar sirri ko yatsa.

Mataki na 4: Toshe ƙofofin baya

A unguwanninmu, yawancin wasannin da ke wayoyin yara ba ta Play Store suka shigo ba. Aboki ne ya tura ta Xender a bakin masallaci, ko an aiko da fayil mai ƙarewa da .apk ta WhatsApp, ko an sauke daga wani shafi ta Chrome. Shingen mataki na 3 ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A bincika Install unknown apps a cikin Settings. Tun daga Android 8, izinin yana tafiya ne manhaja bayan manhaja, saboda haka za a ga jeri, kowace da rubutun Allowed ko Not allowed a ƙarƙashinta. A bi Xender, Chrome, WhatsApp, Telegram, File Manager da duk wata burauza, a tabbata kowace tana kan Not allowed. Masu sababbin Samsung suna da ƙarin makunni mai suna Auto Blocker a ƙarƙashin Security and privacy, wanda ke hana saka manhaja daga ko'ina sai Play Store da Galaxy Store.

Sai kuma shagon kamfanin waya. Tecno, Infinix da itel sukan zo da Palm Store, Samsung kuma da Galaxy Store, kuma lambar da aka saka a Play Store ba ta shafe su ba. Idan wayar ta yarda, a buɗe shagon a Apps a taɓa Disable. Idan maɓallin ya dushe ba ya taɓuwa, a kulle shagon a mataki na gaba.

Gargaɗi: idan yaro ya yi ƙoƙarin saka fayil daga Xender, wayar da kanta za ta nuna masa saƙo mai maɓallin Settings, wanda zai kai shi kai tsaye wurin kunna izinin. Wato wannan mataki shi kaɗai ba ya tsayar da yaro mai iya karatu.

Mataki na 5: Kulle Settings da shagunan manhaja

Wannan shi ne matakin da sauran suka jingina da shi. Wayoyin Tecno da Infinix da yawa suna da App Lock a cikinsu, a wasu yana ƙarƙashin Security, a wasu kuma yana cikin manhajar Phone Master. A buɗe shi, a saka lambar da ta bambanta da ta allo, sannan a zaɓi abin da za a kulle. Jerin uwar da muke misali da ita zai ƙunshi Settings, Play Store, Palm Store, Xender, File Manager, Chrome, YouTube, TikTok, WhatsApp, Messages, manhajar MoMo, da Phone Master ɗin kansa idan ya fito a jerin.

Dalilin bambanta lambar shi ne, a gidaje da yawa yara sun san lambar allo, ko za su sani ba da jimawa ba, domin uwa tana tsakiyar tuƙa shinkafa za ta ce, “Kai, ɗauko min wayar nan ka kira babanka.” Babu laifi a hakan matuƙar lambar App Lock tana wurinta ita kaɗai. A kuma duba tambayar tsaro da App Lock ke nema domin wanda ya manta lamba: idan tambayar sunan garin haihuwa ce ko sunan uwa, yaron gidan ya san amsar, don haka a rubuta amsar da ba ita ce ta gaskiya ba, a ajiye ta a takardar nan.

Bayan an gama, a gwada ta hanyoyi uku: a buɗe Settings daga alamarsa, a buɗe shi daga ƙaramar alamar da ke fitowa idan an ja allo daga sama, sannan a danna alamar Play Store a riƙe, a taɓa App info. Idan ɗaya daga cikin ukun ta buɗe ba tare da neman lamba ba, to kullen wannan wayar yana da kafa, kuma sai a fi dogara da mataki na 6.

Yawancin wayoyin Samsung ba su da App Lock irin wannan. Abin da suke da shi shi ne Samsung Kids, wanda ake samu idan an ja allo daga sama, ko a bincika shi a Settings. Yana buɗe wa yaro fili na daban, da manhajojin da iyaye suka zaɓa kawai, da iyakar lokaci, kuma ba a fita sai da lamba. Wasu Tecno da Infinix ma suna da makamancinsa mai suna Kids Mode. Ga yaro ƙasa da shekara 8, wannan ya fi komai sauƙi.

Mataki na 6: Abin da ake kallo

YouTube na manya yana da Restricted Mode, ana samunsa ta hoton asusu, sai Settings, sai General. Yana ɓoye bidiyoyi da yawa na manya, yana kuma ɓoye sharhin masu kallo. Amma a waya ba shi da lambar sirri, taɓawa ɗaya ke kashe shi, kuma tacewarsa ba cikakkiya ba ce. A kunna shi, amma kada a ɗauke shi a matsayin katanga.

Abin da ya fi shi ne a sauke YouTube Kids, a kulle YouTube na manya. Wurin saitawa, mahaifi zai shiga da asusunsa na Google, ya buɗe wa kowane yaro shafinsa, ya zaɓi rukuni: Preschool na 'yan shekara 4 zuwa ƙasa, Younger na 5 zuwa 8, Older na 9 zuwa 12. Akwai zaɓi na huɗu, Approve content yourself, wanda ke rufe bincike, ba ya nuna komai sai tashoshi da bidiyoyin da mahaifi ya zaɓa da hannunsa. Ga yarinyar mai shekara 6 wannan ne ya dace: a zaɓa mata tashoshi kaɗan na karatun haruffa, da ƙirga, da karatun Alƙur'ani idan an samu wanda aka yarda da shi, a ƙara wasu idan ta gaji da su. Yana cin lokaci a ranar farko, amma shi kaɗai ne tsarin da iyaye suka san ainihin abin da ke ciki. Yaron mai shekara 11 kuma a sa shi a Older.

Gargaɗi: ƙofar saitin iyaye a YouTube Kids, idan ba a sauya ba, tambayar lissafi ce ta ninkawa, irin wadda ɗan aji huɗu zai amsa kafin a ƙifta ido. A taɓa alamar kwaɗo, a zaɓi saka lambar kai, a saka lamba huɗu. A wurin ne kuma ake samun Timer, wanda ake iya saitawa har zuwa minti 60, idan ya cika manhajar ta rufe kanta.

Yanzu sai a hana yaro fita daga manhajar da aka ba shi. A bincika App pinning a Settings, a wasu wayoyi sunansa Screen pinning, a Samsung kuma Pin app ko Pin windows. A kunna shi, a kuma kunna zaɓin da ke cewa a nemi lamba kafin a cire. Idan za a miƙa wayar, a buɗe YouTube Kids, a taɓa maɓallin da ke nuna manhajojin da aka buɗe kwanan nan, a taɓa alamar manhajar da ke saman hotonta, a zaɓi Pin. Daga nan yaro ba zai iya komawa fuskar waya ba. Idan ya yi dabarar cirewa, wayar za ta kulle ta nemi lambar allo. A nan ne kawai sanin lambar allo ke ɓata tsari, saboda haka wanda zai dogara da wannan hanya dole ya ɓoye ta. Aibinsa ɗaya shi ne sai an yi shi kowane lokaci, ranar da aka manta kuwa babu shi.

Ga binciken Google, a buɗe manhajar Google, a taɓa hoton asusu, a nemi SafeSearch, a zaɓi Filter maimakon Blur ko Off. Wannan yana tace sakamakon bincike ne kawai, ba ya hana buɗe shafin da aka rubuta adireshinsa kai tsaye. Domin toshe shafukan kansu a duk burauzar da ke wayar, wayoyi masu Android 9 zuwa sama suna da Private DNS. A bincika shi, a zaɓi Private DNS provider hostname, a rubuta wannan daidai, a taɓa Save:

```
family-filter-dns.cleanbrowsing.org
```

Wannan sabis ne na kyauta na wani kamfani daban, yana toshe shafukan batsa, yana kuma tilasta tacewar Google da YouTube, a kan data da Wi-Fi duka. Idan aka yi kuskuren harafi ɗaya, wayar za ta nuna cewa ta kasa haɗuwa, intanet ya tsaya cak alhali akwai data. Idan hakan ta faru, ko wani shafi da mai waya ke bukata ya ƙi buɗewa, a mayar da zaɓin Automatic a sake gwadawa. Ba ya ganin abin da ke cikin WhatsApp ko TikTok.

Waɗannan biyun kuwa su ne inda abin yake a zahiri. TikTok yana da nasa Restricted Mode mai lambar sirri, a Settings and privacy, sai Content preferences, amma manhajar ta 'yan shekara 13 zuwa sama ce, don haka ga yaran misalinmu kullewa ce ta dace. A WhatsApp, a shiga Settings, sai Chats, a kashe Media visibility, domin bidiyon da ake turowa a zaurukan dangi da na unguwa, irin na haɗarin mota da faɗa da gawa, su daina faɗawa cikin ma'ajiyar hotuna inda yara ke bincike. Wannan ya shafi sababbin da za su shigo ne kawai, tsofaffin sai an goge da hannu.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne dogaro da agogon Digital Wellbeing, wanda ke iyakance lokacin amfani da manhaja. An yi shi ne domin babba ya tsawatar wa kansa, ba shi da lamba, kuma duk wanda ya isa wurinsa zai iya cire iyakar.

Mataki na 7: Family Link, ga wayar da ta iya ɗauka

Mutane da yawa sun ji cewa Family Link shi ne maganin komai. Gaskiya ne ya fi duk abin da aka ambata ƙarfi, amma an tsara shi ne domin asusun yaro, ba domin asusun babba da yaro ke arowa ba. A wayar tarayya yana aiki da kyau ne idan wayar tana da Multiple users, wato tana iya buɗe ɗaki na biyu mai manhajojinsa da makullinsa. A bincika Multiple users ko Users a Settings. Idan bai fito ba, wayar ba ta da shi, kuma haka abin yake a yawancin wayoyin Samsung da ƙananan wayoyi masu Android Go. Sai a tsaya a matakai shida na sama, a wuce mataki na 8.

Idan ya fito, a sauke Family Link a ɓangaren mai waya, a ƙirƙira wa yaro asusun Google da ranar haihuwarsa ta gaskiya. Sannan a koma Multiple users, a taɓa Add user, a shiga sabon ɗakin, a saka asusun yaron, a tabbatar da kalmar sirrin mahaifi idan an nema. A saitin sabon mai amfanin, a bar izinin kira da saƙonni a kashe, domin kada ya ga saƙonnin kuɗi. Daga Family Link kuma a saita abubuwa uku: a Google Play a sa neman izini a kan All content, ta yadda ko wasan kyauta ba zai sauku ba sai mahaifi ya amince, a Chrome a zaɓi Try to block explicit sites, ko Only allow approved sites ga ƙaramin yaro, sannan a saka iyakar lokaci ta kullum da lokacin rufewa da dare. A nan Clear data ba ya goge komai, domin dokokin suna tare da asusun ne.

Gargaɗi mai girma: kada a saka asusun yaro a babban ɗakin wayar inda asusun mai waya yake. Tsarin zai nemi a cire sauran asusun, ya kuma ɗora dokokin yaro a kan wayar duka, sai mai sana'a ta wayi gari lambobin abokan cinikinta da ke asusunta sun ɓace daga wayar, ita kuma ta kulle da dare. Haka kuma kada a ƙara wa yaro shekaru wurin rajista don a huta da tambayoyi, domin asusun da aka rubuta masa shekarun manya asusun babba ne, ba ya zuwa da waɗannan shingaye. Ɗaki na biyu yana cin ma'ajiya, kuma wayar da ke da 32GB wadda hotuna suka riga suka cika za ta yi nauyi sosai.

Ga masu iPhone

A shiga Settings, sai Screen Time, a saka lambar Screen Time mai huɗu wadda ta bambanta da ta allo. A buɗe Content & Privacy Restrictions a kunna, a shiga iTunes & App Store Purchases, a mayar da Installing Apps da In-app Purchases zuwa Don't Allow. Alamar App Store za ta ɓace daga fuskar waya, kuma wannan daidai ne, ba lalacewa ba ce. A wurin taƙaita abun ciki, a nemi Web Content a zaɓi Limit Adult Websites. Makamancin App pinning a nan shi ne Guided Access, a ƙarƙashin Accessibility, ana kunna shi da danna maɓallin gefe sau uku. Idan wayar ta hannu ce aka saya, a tabbata asusun Apple da ke kanta na mai ita ne, domin da shi ake dawo da lambar idan an manta.

Mataki na 8: Gwaji da bibiya

Kafin a miƙa wayar, mai ita ta zauna a matsayin yaro ta gwada. Ta nemi wani wasa na 16+ a Play Store ta ga ko zai sauku, ta sa a turo mata fayil ta Xender ta ga ko zai shiga, ta buɗe Settings ta hanyoyi ukun nan, ta kuma kashe wayar ta kunna, ta duba ko App Lock yana nan yana aiki tun daga buɗewar farko.

Bayan haka, sau ɗaya a mako ya isa a duba abubuwa kaɗan: makunnin Parental controls yana kunne, jerin Install unknown apps bai sauya ba, yawan yatsun da ke Fingerprint bai ƙaru ba. Wurin da ya fi saurin tona asiri shi ne Data usage, inda wayar ke nuna yawan datan da kowace manhaja ta sha. Idan uwar misalinmu ta ga Chrome ya sha data mai yawa alhali a kulle yake kuma ita ba ta buɗe shi ba, to lambar App Lock ta fita, ko kuma wani wasa yana buɗe shafuka ta hanyar talla, kuma a duka halin biyu sai a sauya lambar a cire wasan.

Duk lokacin da wayar ta je wurin gyara, ko aka yi mata Factory reset, ko ta sabunta tsarinta, a sake bin matakan daga na 1. Mai gyara yakan nemi lambar allo, yakan kashe App Lock domin ya yi aikinsa, kuma sau da yawa yakan kunna Install unknown apps ya saka wasu manhajoji a matsayin kyauta ga mai waya. A duba jerin Apps tun a gaban shagon, a sauya lambobin idan an isa gida.